Idan Kalma Ta Kwanta Maka a Gaban Mai Jarrabawa

Wata ma'aikaciyar jinya da nake shirya wa jarrabawar IELTS ta taɓa yin shiru na daƙiƙa goma sha ɗaya a tsakiyar amsa. Na san adadin ne domin muna naɗar muryarta a waya, muka dawo muka ƙirga tare. Tambayar ba mai wuya ba ce, an ce ta bayyana wani abinci da take so, ta zaɓi fura. Ta fara tiryan-tiryan, ta ambaci gero, ta ambaci nono, sai ta iso wurin turmi. Nan kalmar Turancin ta ɓace. Ta ɗaga ido sama, ta taɓa goshi, ta ce "amm", ta sake cewa "amm", daga nan ta yi tsit. Da ta dawo cikin maganar, sai ta tsallake kirɓin furar gaba ɗaya, ta ce abincin yana da daɗi, ta rufe baki tun lokacinta bai kai rabi ba.

Da muka gama ta ce, "Wallahi Malam, na san kalmar nan. Tana bakina."

Na ce, "Na yarda, Sista. Amma mai jarrabawar bai san kina neman wata kalma ba sai da kika tsaya. Shirun ne ya tona miki asiri."

Wannan jagorar a kan wannan gaɓar take: abin da za ka yi a cikin daƙiƙa biyun da ke biyo bayan ɓacewar kalma. Na ɗauki jarrabawar baka ta IELTS a matsayin misali saboda ƙa'idojinta a bayyane suke, kuma mutanenmu da yawa, musamman likitoci da ma'aikatan jinya da masu neman karatu a waje, suna zama a gabanta. Amma wanda zai yi jarrabawar baka da Faransanci a Yamai ko Damagaram, ko ɗalibin da malamansa za su titsiye da Larabci, duk dabarar ɗaya ce. Misalan amsoshin zan kawo su da Hausa, kai kuma ka mayar da su harshen da za a jarraba ka da shi.

Abin da mai jarrabawar yake aunawa

Jarrabawar takan ɗauki minti 11 zuwa 14, kai da mai jarrabawa, ana naɗar duk abin da aka faɗa. Kashi uku ce. Na farko tambayoyi ne a kan rayuwarka, gida da aiki da abin da ka saba. A na biyu za a miƙa maka kati mai ɗauke da batu, da takarda da abin rubutu, a ba ka minti ɗaya ka shirya, sannan ka yi magana kai kaɗai har zuwa minti biyu. Na uku tattaunawa ce mai zurfi a kan batun da ya danganci katin. Ana ba da maki har zuwa 9 a kan abubuwa huɗu masu nauyi ɗaya: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci.

Ga abin da yawancin ɗalibai ba su lura da shi ba. A cikin ma'aunin yalwar kalmomi, an rubuta iya faɗin abu ta wata hanya a matsayin gwaninta mai zaman kanta. Mai maki 5 shi ne wanda yake ƙoƙarin yin haka, wani sa'in ya dace wani sa'in ya kuskure. Mai maki 6 galibi yana dacewa. Mai maki 7 kuwa yana yin sa da kyau. Ke nan waɗanda suka tsara jarrabawar sun riga sun san kalma za ta ɓace maka, abin da suke son gani shi ne yadda za ka yi da ɓatan. Sista tana neman 7 ne, domin shi ne abin da hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wato NMC, take buƙata a ɓangaren magana.

Yanzu ka auna asarar da shirunta ya jawo. Ta rasa a ma'aunin gudanar magana, domin tsayawa neman kalma shi ne ainihin abin da wannan ma'aunin yake kamawa. Ta rasa a ma'aunin kalmomi, domin ta samu damar nuna gwanintar kewaye ta bar ta ta wuce. Sannan ta gajarta amsarta, ta hana mai jarrabawar jin jimlolin da zai auna nahawunta da su. Kalma ɗaya ta ɓata, amma ta biya kuɗinta a wuri uku.

Me ya sa tono kalmar ba ya aiki

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nazarin wannan hali na "tana bakina". A 1966 Roger Brown da David McNeill na Jami'ar Harvard sun riƙa karanta wa mutane ma'anonin kalmomin da ba a cika amfani da su ba, suna jiran wanda kalmar za ta maƙale wa. Sun tarar cewa mutum a wannan hali sau da yawa yana iya faɗin harafin farko na kalmar, har da yawan gaɓoɓinta, amma ita kanta ta ƙi fitowa. Wato ma'anar tana nan daram, sautin ne ya ƙi zuwa.

Wannan ya isa ya nuna maka inda mafita take. Abin da ya rage a hannunka shi ne ma'ana, kuma ma'ana ita ce abin da mai saurare yake buƙata. Duk wanda abin ya taɓa samu ya kuma san cewa matsa wa kai ba ya kawo kalmar. Sai wata kalma mai kama da ita ta zo ta tare ƙofa, kana korar ta tana dawowa. Wadda kake nema kuma sai ka fito, ka hau adaidaita, kun kusa gida, sannan ta faɗo maka. A ɗakin jarrabawa akwai ƙarin matsala: shirun da kansa yana tsoratarwa, tsoron kuma yana ƙara toshe kai. Daƙiƙa uku na farko neman kalma kake yi. Daga nan kuma tunanin cewa ka yi shiru kake yi.

Don haka dokar da nake ba ɗalibaina ita ce numfashi ɗaya. Idan kalmar ba ta zo a cikin numfashi ɗaya ba, ka yafe ta.

Mu ba baƙi ba ne a wannan sana'a

Yakan ba ni mamaki in ga Bahaushe yana ɗaukar wannan dabarar a matsayin sabon abu. Mu da muka tashi a gidajen da uwa za ta shekara arba'in ba ta kama sunan ɗanta na fari ba, kuma ba a taɓa rasa gane wanda take nufi ba. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai mai gidan, ko baban su wance. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ya koma Abba ko Mai-suna. Harshenmu kansa haka ya karɓi baƙin abubuwa: jirgin sama, keken ɗinki, gidan waya, na'urar sanyaya ɗaki. Ka dubi ginin kowace daga cikinsu. An ɗauki wani abu da aka sani, jirgi ko keke ko gida, aka ƙara masa abin da ya raba shi da 'yan'uwansa. Wannan ginin shi ne duk sirrin.

Gida, sannan alama

Mataki na farko: ka faɗi gidan da abin ya fito. Wane irin abu ne? Kayan aiki ne, ko mazubi, ko na'ura, ko wuri, ko mutum, ko ciwo, ko al'ada, ko yanayin zuciya? Waɗannan manyan kalmomi ba su da yawa, kuma su ne kalmomin da tsoro ba ya iya kora, domin kullum kana amfani da su. Da zarar ka ce "wani irin mazubi ne", bakinka ya ci gaba da motsi, mai saurare kuma ya rufe ƙofofi dubu ya bar kaɗan a buɗe.

Mataki na biyu: ka ba shi alama guda wadda ta fi raba shi da sauran 'yan gidan. Ga kayan aiki, alamar da ta fi ƙarfi kusan kullum ita ce amfaninsa. Rariya: abin da ake tankaɗe gari da shi don a raba laushi da tsaki. Guga: abin da ake ɗaura wa igiya a jawo ruwa daga rijiya. Ga mutum, aikinsa. Ga wuri, abin da ake zuwa yi a can. Launi da girma da siffa sai su biyo baya idan amfanin bai wadatar ba. Ɗalibai sukan juya wannan tsarin, su fara da "yana da tsawo, ruwan ƙasa ne, na katako", mai saurare yana ta lalube tsakanin sanda da tsani da ƙyauren ƙofa. Wannan kacici-kacici ne. Mai kacici-kacici yana zaɓar alamar da za ta ɓatar da kai, kai kuwa kana neman wadda za ta kai mutum gida kai tsaye.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi mantawa: ka koma kan zancenka. Jimla ɗaya, ko biyu in ta kama, ta ishi bayanin. Bayan haka ka laƙaba wa abin gajeren suna, ka ci gaba da kiran sa da shi. Ba turmi aka tambaye ka ba, fura aka tambaye ka.

Mu koma kan furar Sista

Na sa ta sake amsar sau uku a zama ɗaya, da sharaɗin ba zan faɗa mata kalmar ba, kuma ba za ta duba waya ba.

A karo na farko, da ta iso wurin, ma'anar abin da ta ce ita ce: "Sai mu zuba shi a cikin abin nan, abin da muke amfani da shi, mu yi ta yi har ya yi." Ba ta yi shiru ba, wannan ci gaba ne. Amma babu abin da Baturen da bai taɓa ganin tsakar gidan Bahaushe ba zai ɗauka a ciki. "Abin nan" yana aiki a tsakaninmu ne saboda kowa yana ganin abin. Gida ne mai faɗin da ya haɗiye duniya, kuma babu alama.

A karo na biyu sai ta zarce. Ta ce wani abu ne na katako, ana sassaƙa shi daga gungumen itace, akwai masu sana'ar yin sa, kowace amarya a da ana kai ta da shi, yana da nauyi, ana jin ƙararsa da asuba, kakarta tana da guda biyu. Na duba agogo, daƙiƙa talatin da biyar sun tafi. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, har da ban sha'awa, amma ba ta faɗi abin da ake yi da shi ba sai a ƙarshe, kuma da ta gama ta manta a wane matakin haɗa furar ta tsaya. Katin yana da wasu tambayoyin da ba ta taɓa ba, wanda take sha da shi da kuma dalilin da ya sa take son ta.

A karo na uku ga yadda ta fito da shi: "Idan dunƙulen ya dahu sai mu tsame shi daga ruwan zafi, mu zuba a wani babban mazubi mai zurfi na katako, irin wanda ake daka hatsi a ciki da doguwar sanda mai nauyi. A cikin mazubin nan za mu yi ta dukan sa har ya yi laushi ya haɗe, sannan mu cura shi ƙanana, mu barbaɗe da gari. In za a sha sai a dama da nono mai tsami."

Ka lura da abin da ya faru. Kalmomi biyu ne suka ɓace mata, turmi da taɓarya, har ma da ta uku, kirɓi, amma jimla ɗaya ta ɗauke biyun farko, "duka har ya yi laushi" kuma ya ɗauke ta ukun. Ba ta sanar da kowa cewa ta manta komai ba. Wanda ya saurari naɗin zai ɗauka tana yi wa baƙo bayanin abin da bai sani ba ne, wanda kuma gaskiya ne. Sannan ga ribar da ba ta yi tsammani ba: jimlar "irin wanda ake kaza a ciki" jimla ce mai sarƙa, irin wadda ma'aunin nahawu yake nema. Da kalmar ta zo mata, da ta faɗe ta ta wuce, ba ta gina wannan jimlar ba.

Ta ce, "To Malam, ashe gara ma da na manta."

Na ce kada ta kai nan. Wanda ya san kalmar ya faɗe ta daidai yana gaba. Amma rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, kuma wannan uwar ɗakin ba ta da laifi.

Akwai wani abu a amsar tata da ya kamata a raba shi da mantuwa. Ita kalmar fura ba ɓacewa ta yi ba, babu ita ne a Turanci. Haka tuwo, da lefe, da gayya, da kilishi. A irin wannan, ka faɗi sunan Hausar sau ɗaya, ka bi shi nan take da bayani: "muna kiran sa gayya, wato ranar da mutanen gari suke taruwa su yi wa mutum ɗaya noma ba tare da biya ba." Daga nan kana da 'yancin ci gaba da cewa gayya. Abin da ba ya halatta shi ne ka jefa kalmar Hausa a inda Turancin yake da tasa, ka wuce kamar ba a yi komai ba.

Idan abin ba ya taɓuwa da hannu

Kashi na uku na jarrabawar ya fi wahala, domin a can ba turmi ne zai ɓace maka ba, kalmomin tunani ne: hauhawar farashi, kwararowar hamada, rashin daidaito, ƙaura daga ƙauye zuwa birni. Waɗannan ba su da launi ko siffa, kuma tambayar "me ake yi da shi" ba ta kama su. Hanya uku ce take aiki a nan.

Ta farko, ka mayar da sunan aiki. Harshen makaranta yana son tattara al'amari ya dunƙule shi a suna ɗaya, kai sai ka warware shi. In kalmar hauhawar farashi ta ɓace, ka ce "idan kuɗin kaya ya yi ta tashi, har abin da albashinka ya saya bara ya kasa sayen sa bana." Ka tambayi kanka: wa yake yin me, me yake faruwa da wa? Amsar ita ce bayaninka. A ganina wannan ita ce hanya mafi amfani a cikin duka, kuma ita ce aka fi ƙarancin koyarwa.

Ta biyu, misali. Kalmar da ke nufin kayan more rayuwa ta tafi? Ka ce "abubuwa irin su hanyoyi, da wutar lantarki, da ruwan famfo." Misali biyu ko uku sun isa mai saurare ya gano gidan da kansa.

Ta uku, kishiya. In ka rasa kalmar rowa, kana da "mutumin da ba ya son bayarwa". In ka rasa ta wucin gadi, kana da "ba na dindindin ba". Tana da sauri ƙwarai, sai dai ba ta da kaifi, domin wanda ba mai kyauta ba ba lallai ne ya zama marowaci ba. In bambancin yana da muhimmanci ga hujjarka, ka ƙara rabin jimla ka gyara.

Akwai kuma ɗaukar kalma maƙwabciya, ka ce tsuntsu a maimakon shaho, ko kujera a maimakon benci. Idan abin ba shi ne zuciyar zancen ba, wannan ya fi komai, domin ba wanda zai ji ɗinkin. Haɗarin yana ga maƙwabciyar da ta yi kama a sauti ko a fage amma ma'anarta daban, kamar ka ce aro a inda kake nufin haya. Gwajin mai sauƙi ne: ka hau sama zuwa babbar kalma, kada ka tsallaka gefe zuwa wadda ba ka tabbatar ba.

Inda ake zamewa

Babban ramin da Bahaushe yake faɗawa shi ne fassara kalmarmu gaɓa-gaɓa. Wani sa'in ana dacewa: in ka ce ciwon sukari kalma da kalma, mai saurare zai iya cankar abin da kake nufi. Amma ka gwada da ɗan sanda, ko farar hula, ko jirgin ƙasa, ko cin hanci, ka ga yadda fuskar Bature za ta koma. Waɗannan sunaye ne da muka saba da su har muka daina ganin hoton da ke cikinsu. Kada ka fassara sunan, ka bayyana abin.

Rami na biyu shi ne roƙon mai jarrabawa. A hira ta yau da kullum, "yaya ma ake ce da shi?" dabara ce mai kyau, abokin hira zai cika maka. A nan ba zai ba ka kalmar ba, aikinsa bai yarda ba, sai ka ƙara wa shirunka wani shirun kana kallon sa yana kallon ka. Haka nuni da hannu. Ba laifi ba ne hannunka ya motsa, yakan ma taimaka maka kai kanka, amma harshe ake aunawa, kuma na'urar naɗar murya ba ta ganin kana kwatanta daka.

Sai ba da haƙuri. "Yi haƙuri, Turancina ba shi da kyau, na manta." Tarbiyyarmu ce take jawo wannan, amma a ɗakin nan kana ba da shaida ne a kan kanka. Gajeriyar magana irin "sunan ya kwanta mini, amma wani irin kaza ne" ba ta da aibi, masu harshen ma suna yin ta, kuma tana saya maka daƙiƙa ɗaya. Sau ɗaya ko biyu a duk jarrabawar ya isa. Wanda ya haddace doguwar jimlar cike gurbi yana sako ta a kowace amsa, mai jarrabawar da ya saurari ɗaruruwan mutane zai gane haddar tun daga kalma ta uku.

Na ƙarshe ya fi ɓoyuwa, shi ne wanda Sista ta yi da farko bayan shirunta: sauya abin da kake son faɗa don gudun kalmar. Kana da ra'ayi mai kyau, ka hango kalmar da ba ka da ita a gaba, sai ka karkata ka faɗi wani abu maras gishiri. Ba a jin shiru, amma amsar takan fito guntuwa, ko ta saɓa wa tambayar. Wuri ɗaya ne wannan gudun yake da amfani, wato a cikin minti ɗayan shiri na kashi na biyu. A nan ka bi labarin da ka zaɓa da sauri a zuci, ka rubuta muhimman kalmominsa. In ka tarar kalma ɗaya ce babu, rubuta gidanta da alamarta a gefe, kalma uku ko huɗu. In ka tarar uku ko huɗu babu, sauya labarin tun ba ka buɗe baki ba. Ba wanda zai bincika ko fura ce abincin da ka fi so da gaske.

Idan kuma kalmar ta dawo kana tsakiyar bayani, ka sa ta a ƙarshen jimlar ka wuce. In ta dawo bayan ka yi nisa, bar ta, sai in zancen ya sake bi ta kanta.

Iyakar dabarar

Akwai inda kewaye ba ya fitar da mutum. Idan kalmar ita ce amsar tambayar, kamar malami ya tambayi ɗalibin likita sunan wata jijiya, bayani zai nuna ka fahimta, wataƙila a ba ka wani abu, amma ba zai maye gurbin sunan ba. A bakin aiki abin ya fi tsanani. Sunan magani da adadinsa ba a kewaya su. Ma'aikaciyar jinyar da sunan magani ya kwanta mata ba ta cewa "farin nan ƙarami na hawan jini", tana tsayawa ta duba takarda. Na faɗa wa Sista wannan a fili, don kada ta ɗauki dabarar ɗakin jarrabawa ta shiga da ita ɗakin majinyata.

A ɗaya ɓangaren kuma, ita wannan gwanintar ce take buƙata in za ta yi wa majinyaci bayanin ciwonsa ba tare da manyan kalmomin asibiti ba. Masu zaɓar jarrabawar OET, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya, za su tarar ɓangaren maganarta wasan kwaikwayo ne tsakaninsu da majinyaci ko ɗan'uwansa, inda sauƙaƙa bayani yake cikin abin da ake dubawa.

Kuma in kana kewaye a kowace jimla, matsalar ba mantuwa ba ce, kalmomin ne ba su isa ba, maganin wannan kuwa karatu da saurare ne na watanni.

Yadda ake horar da baki

Sanin matakan ba ya wadatarwa, domin a lokacin da ake buƙatar su kai a toshe yake. Dole su zama a baki. Da farko ka tanadi 'yan ƙwarangwal ɗin jimla guda biyar ko shida a harshen jarrabawar: wani irin kaza ne, abin da ake kaza da shi, mutumin da yake kaza, wurin da ake kaza, lokacin da kaza ya faru, yana kama da kaza sai dai. Ka tabbatar nahawunsu daidai ne, ka tambayi wanda ya fi ka, domin za ka maimaita su sau ɗaruruwa, in da kuskure a ciki shi ma zai zauna.

Sannan ka samu abokin yi. Ka rubuta sunayen abubuwa goma a 'yan takardu, ka ɗauki ɗaya, ka bayyana shi cikin daƙiƙa goma ba tare da kama sunansa ba, shi kuma ya canka. Ka haɗa da kalmomin da ka sani sarai, domin abin da kake koyo shi ne motsin, ba cike giɓi ba. Makon farko kayan gida da na kasuwa: tsintsiya, makulli, mazurari, sikeli. Mako na biyu mutane da wurare. Na uku kalmomin tunani. Idan abokin ya kasa canka, kada ka ƙara masa bayani, ka tambaye shi me ya zata. Amsarsa za ta nuna maka ko gidan ne ya yi faɗi ko alamar ce ba ta raba ba. Wani ɗalibina ya bayyana mazurari da cewa abin da ake zuba mai da shi, abokinsa ya ce jarka. Da ya ƙara "mai faɗin baki da siririn gindi, don kada ya zube", nan take aka gane.

Daga nan sai naɗin murya. Ka ɗauki batu, minti ɗaya na shiri, minti biyu na magana, ka saurara da agogo a hannu. Duk shirun da ya wuce daƙiƙa uku ka tsayar, ka tambayi kanka me kake nema a wurin, ra'ayi ko kalma. In ra'ayi ne, wannan wani aikin ne daban, kuma ɗan tsayawa don tunani ba abin tsoro ba ne, har masu maki mafi girma suna yin sa. In kalma ce, ka rubuta bayaninta a jimla ɗaya, ka sake amsar da bayanin. Sai bayan haka ka buɗe ƙamus. Tsarin yana da muhimmanci: in ka fara da ƙamus, ka koyi kalma ɗaya, amma bakinka bai koyi abin da zai yi ran da wata ta ɓace ba.

Sista ta yi mako uku a kan wannan. A naɗinmu na ƙarshe an ba ta batun wani biki da ta halarta, kalmar rumfa ta ɓace mata. Ta ce mutane sun zauna a ƙarƙashin wani babban rufi na yadi da aka kafa a kan ƙarafa saboda rana, ta ci gaba da labarin amarya. Sai da muke sauraren naɗin ta nuna mini wurin, domin ni ban ji komai ba.